Tukunyar Shinkafa ta Lantarki da Sirrin Layukanta

Tun daga shekarar 1955, lokacin da kamfanin Toshiba na ƙasar Japan ya fitar da tukunyar da ke dafa shinkafa ta kashe kanta, hikimarta ba ta sake ba, kuma wanda ya fahimce ta ya huta da zargin tukunya a kan laifin da ba nata ba. Matuƙar akwai ruwa a cikinta yana tafasa, zafinsa ba zai haura digiri 100 ba. Amma da zarar shinkafa ta shanye shi, saura kuma ya tafi a tururi, sai zafin gindin tukunya ya ɗaga, na'urar da ke ƙasa ta ji, maɓalli ya yi ƙara ya koma daga Cook zuwa Warm. Ashe ke nan tukunya ba ta da masaniya a kan nunar shinkafa, ƙarewar ruwa kaɗai ta sani, don haka alhakin awo yana wuyan mai girki.

Lambobin da aka zana a jikinta adadin kofin shinkafa suke nufi, da ɗan kofin nan da ke zuwa tare da ita, mai cin mililita 180. Misali, idan uwargida ta auni kofi uku, sai ta wanke har ruwan ya rage fari, ta zuba a tukunya ta baje, sa'an nan ta ƙara ruwa a kanta har ya taɓa layi na 3. Idan kuwa ta fara cika ruwa zuwa layin kafin ta zuba shinkafa, to ruwa ya cinye gurbin da aka bar wa shinkafar, babu makawa ta caɓe. Haka nan wadda aka riga aka tafasa aka tsane, kamar yadda aka saba a gidajenmu, ta riga ta sha rabonta, lalle ne a rage mata. Shinkafar gumi ɗanya kuwa takan bukaci a ɗan haura layi, domin an yi layukan ne bisa ƙa'idar farar shinkafa.

Kamu da ƙanzo sukan zo ne daga garin da ba a wanke ba, wanda ke kwanciya a gindi ya daskare, ko daga cokalin ƙarfe da ya kankare santsin tukunya, ko kuwa daga daɗewa a Warm. Zafin nan na Warm, wajen digiri 65, yana hana abinci saurin lalacewa, sai dai yana busar da ƙasa sannu a hankali, alhali raɓar murfi na ɗiga tana jiƙa sama. A ganina amfaninsa mafi girma yana cikin minti goma zuwa sha biyar na farko, inda shinkafa ke turara, danshi ya daidaita, ta saki gindin tukunya da kanta. A yi haƙuri kada a buɗe murfi a wannan lokaci, bayan haka a juya ta da cokalin roba ko na katako tun daga ƙasa.