Haruffa 20,000 da Markov ya ƙirga

A 1913 Andrey Markov, masanin lissafi a birnin Saint Petersburg, ya ɗauki littafin waƙar Pushkin, Eugene Onegin, ya ƙirga haruffa 20,000 na farko da hannu. Ma'anar waƙar ba ta dame shi ba. So yake ya ga wane irin harafi ke biyo wane: wasali ko baƙi.

Ya tarar in kana kan wasali, damar wani wasalin ya biyo baya 0.128 ce kacal. In kana kan baƙi kuwa, damar samun wasali ta haura zuwa 0.663. Aka zuba wannan a jadawali, sai ya zama matiris ɗin sauyi, wanda ake kira P:

```
           wasali   baƙi
wasali     0.128    0.872
baƙi       0.663    0.337
```

Layi yana nuna inda kake, ginshiƙi yana nuna inda za ka. Dole kowane layi ya haɗu ya ba da 1, tunda ko ta yaya sai wani harafi ya biyo. Ɗalibin da ya ga nasa layin bai cika 1 ba, galibi ya juya jadawalin ne, layi ya koma ginshiƙi.

To a doguwar tafiya, kashi nawa na haruffan ne wasula? Nan rabo mai ɗorewa yake shigowa, wato π, wanda ko an ƙara taki ɗaya ba ya motsi: πP = π. Kamar randa ce da ruwan da ke shiga ya yi daidai da mai fita. In π₁ shi ne rabon wasali, π₂ kuma na baƙi, masu barin wasali su ne π₁ × 0.872, masu shigowa daga baƙi π₂ × 0.663. Daidaita su, ka tuna π₁ + π₂ = 1, sai ka sami π₁ = 0.663 ÷ 1.535, kusan 0.432. Markov ya ƙirga wasula 8,638 cikin 20,000. Raba ka gani: 0.432 ɗin ce dai.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda wannan sarƙa ta haruffa ke manta mafarinta. Fara daga wasali: damar wasali a taki na farko 0.128, na biyu 0.595, sai 0.345, sai 0.478. Tana lilo sama da ƙasa, kowane taki yana rage tazarar kusan da rabi.

Amma ba kullum ake haka ba. Da a ce wasali da baƙi karɓa-karɓa suke yi ba fashi, lilon ba zai taɓa lafawa ba, ko da yake rabon lokaci zai tsaya rabi da rabi. Wanda ya fi wannan muni shi ne sarƙa mai tarko biyu, inda in ka faɗa ɗaya ba fita. A nan πP = π tana da amsa fiye da ɗaya, kuma rabon lokacinka ya dogara da inda ka fara da tarkon da ya riga kama ka. Shi ya sa kafin a taɓa lissafi ake fara duba ko daga kowane matsayi akwai hanyar isa kowane.