Daga Lahadi zuwa Alhamis: yadda ake shelar gasar wasa ƙwaƙwalwa a rediyo

Tun shekarar 1987 gidan rediyon NPR na Amurka ke gabatar da gasar kalmomi a shirinsa na safiyar Lahadi, Weekend Edition Sunday. Mai tsara tambayoyin shi ne Will Shortz, wanda kuma ya zama editan wasan cike gurbin kalmomi na jaridar New York Times a 1993. Abin da ya ja hankalina a shirin shi ne sanarwar da ake rufe shi da ita. Gajeriya ce, amma duk abin da mai sauraro ke bukata yana ciki.

Shortz yakan karanta tambayar mako, sannan ya maimaita ta, domin mai sauraron rediyo ba shi da takardar da zai koma ya duba. Daga nan mai gabatarwa ta faɗi inda za a tura amsa, wato `npr.org/puzzle`, ta ce amsa ɗaya kowa zai aiko, kuma ya haɗa da lambar wayarsa. Ana rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe 3 na rana agogon gabashin Amurka. Ba a cewa "Alhamis" kawai a yi shiru, saboda ƙasar tana da agogo daban-daban. Lokacin ya zo daidai da ƙarfe 8 na dare a Kano ko Zinder idan suna bazara, ƙarfe 9 kuma idan suna hunturu.

Ba wanda ya riga turowa ke ci ba. Ana tara amsoshin da suka yi daidai, a yi ƙuri'a a fitar da mutum ɗaya, a kira shi ya fafata da Shortz a shirin Lahadi mai zuwa. A ganina nan adalcin gasar yake, don wanda ya kwana uku yana juya tambayar a ransa da wanda ya gano ta nan take duk matsayinsu ɗaya. Kyautar kuwa ba ta taka kara ta karya ba: ɗan bajen shirin da ake maƙalawa a riga, da littattafai da kayan wasan ƙwaƙwalwa. Tunda ba kuɗi ba ne, ba mai ɓata lokacinsa wajen maguɗi.

Inda aikin yake da wuya shi ne rubuta tambayar kanta. Bari mu gwada da Hausa. A ce mai shiri ya sanar: "Ku nemo sunan dabba mai harufa huɗu, ku juya shi, za ku sami wata kalma." Shi a ransa rago yake nufi, ya koma gora. To amma me ake nufi da juyawa? Mai karanta harufan daga ƙarshe zuwa farko zai sami "ogar", ya ce babu amsa. Dole a fito fili a ce gaɓar farko ce za ta koma ƙarshe. Ko an gyara wannan, da sauran rina a kaba, domin wani zai turo kada, wadda ta koma daka, kuma bai yi kuskure ba. Mafita ita ce a ɗaure kalma ta biyu da bayani: "za ku sami abin da makiyayi ke zuba ruwa a ciki." Yanzu amsa ɗaya ce tak.

Alamar cewa tambaya ta yi sako-sako ita ce mutane da yawa su turo amsa iri ɗaya wadda ba ita ke hannun mai shiri ba. Idan haka ta faru, Shortz yakan ambaci ɗayar amsar a shiri ya ce an karɓa. Haka ya kamata, tunda laifin na tambaya ne.

Hausa tana da nata tarkon. Kalmar "tsaka" harafi huɗu ce ko biyar? Ɗan makarantar da aka koya wa "ts" da "sh" a matsayin baƙi guda zai ƙirga huɗu, wani ya ƙirga biyar. Haka nan wayoyi da yawa ba sa rubuta ƙ da ɗ da ɓ, sai kafa ta haɗe da ƙafa a saƙon tes. Duk gidan rediyon da zai shirya irin wannan gasa da Hausa, ya yanke hukunci a kan waɗannan biyun tun kafin a buɗe makirfo, kuma ya faɗe su cikin sanarwar kowane mako tare da ranar rufewa da ƙarfe nawa.