Saƙon tabbatar da ciniki kafin a biya kamasho

Kamasho, wanda dillalai ke kira la'ada, kaso ne da ake cirewa daga kuɗin kayan da wakili ya sayar. Kason kansa ba kasafai ake jayayya a kansa ba, tunda an yanke shi tun farkon hulɗa. Inda rigima ke ɓullowa shi ne jimillar da za a cire kason daga cikinta. Shi ya sa mai kaya ke tura wa wakilinsa saƙo kafin biya, domin littafinsu ya zo ɗaya.

Saƙon da aka fi turawa gajere ne: “Malam, a turo mana lissafin cinikin wata don mu biya kamasho.” Ba a faɗi daga wace rana zuwa wace rana ba, kuma ba a fayyace abin da ake nufi da ciniki ba. A wurin wakili, duk kayan da suka bar hannunsa an sayar da su. A wurin mai kaya kuwa, sai kuɗi sun shigo asusu.

A ɗauki misalin ɗan kasuwar atamfa a Kantin Kwari da ke Kano, wanda yake da wakili a Gusau. Sun yi yarjejeniya a kan kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suka shigo. A watan Maris wakilin ya fitar da turmi 200, kowanne a kan naira 15,000, wato naira miliyan 3. Da ya buga lissafinsa sai ya sa rai da naira 90,000. Amma an dawo da turmi 10 saboda tabo, kuma turmi 30 bashi aka bayar, ba a biya ba tukuna. Kuɗin da suka shigo na turmi 160 ne, naira miliyan 2 da dubu 400, kamashonsu kuma naira 72,000. Idan alat na 72,000 ya faɗo wa mutumin da ke jiran 90,000 ba tare da bayani ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne an ci masa haƙƙi.

Gyaran farko shi ne mai kaya ya daina tambayar lissafi, ya tura nasa a duba. Saƙon zai iya zama kamar haka:

“Assalamu alaikum Malam, ya kasuwa? Muna shirin biyan kamashon Maris, daga ranar 1 zuwa 31 ga wata. Ga abin da ke littafinmu: an fitar da turmi 200 a kan naira 15,000; an dawo da 10; turmi 30 suna bashi; an biya kuɗin 160, jimilla naira 2,400,000. Kamar yadda muka yi magana, kashi 3 cikin 100 na kuɗin da suka shigo ne za a lissafa yanzu, na bashin kuma zai biyo baya da zarar an biya. Don Allah a gwada da littafinku. In ya yi daidai a amsa mana a rubuce, in akwai saɓani a turo hoton rasit ko shaidar tura kuɗi zuwa ranar Laraba, 5 ga Afrilu, domin mu biya ranar Juma'a. Allah Ya ƙara buɗi.”

Jimlar da ta yi maganar bashi ita ce mafi amfani a saƙon. Daga gibin naira 18,000, naira 13,500 na turmi 30 ɗin nan ne, kuma jinkirta su kawai aka yi. Naira 4,500 na kayan da aka dawo da su ne kaɗai suka fita daga lissafi. Wakilin da ya san haka zai tashi tsaye wajen bin bashin, tunda rabonsa na ciki.

Lafazi ma yana da nasa aikin. “A tabbatar mana ba a ƙara komai ba” zargi ne, ko da mai rubutun bai yi nufin haka ba. “A gwada da littafinku” kuwa ya bar ƙofa a buɗe cewa kuskuren na iya zama daga shago, kuma sau da yawa haka ne: wani ya tura kuɗi da sunan ƙaninsa, yaron shago bai gane na wane ciniki ba ne, sai aka bar shi a jerin bashi.

Wa'adi kuma ya zama rana takamaimai, domin “da wuri” kowa da yadda yake fassara shi. Bai kamata a ɗauki shiru a matsayin amincewa ba, sai dai in an yi wannan sharaɗin tun farko. Idan ranar ta wuce, kiran waya ya fi dacewa. Wakilai da dama sun fi son saƙon murya a WhatsApp, kuma babu laifi a karanta musu lissafin ta haka, amma amsar ƙarshe ta zo a rubuce, da adadin a ciki: “Na amince, turmi 160.” “To” kaɗai ba ta nuna ko an yarda da lissafin ne, ko dai an ga saƙon kawai.