Fom ɗin rajistar makaranta da ake cikewa a waya: yadda ake gina gurabensa

Duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai, aikin da ya fi cin ran magatakardan makaranta shi ne karanta rubutun hannun iyaye. Wani ya rubuta JSS1 a gurbin aji, wani ya sa "aji ɗaya", wani kuma ya bar wurin fayau. Shi ya sa makarantu da dama suka koma tura fom ɗin rajista a matsayin fayil ɗin PDF ta WhatsApp. Sai dai yawancin waɗannan fayiloli hoton takarda ne kawai. Dole uba ya je shagon kwamfuta a fitar masa da shi a takarda, ya cike da biro, ya ɗauki hotonsa ya mayar. Wahalar tana nan, an dai sauya mata hanya.

PDF yana iya abin da ya fi haka. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, kuma tun 1996 aka ƙara masa guraben da mutum zai iya cikewa a kan allo, tsarin da ake kira AcroForm. Abin da ya kamata mai ginawa ya fahimta tun farko shi ne, irin wannan fom hawa biyu ne. A ƙasa akwai shafin da ido ke gani, da tambarin makaranta da layuka da tambayoyi. A samansa an ɗora gurabe, kowanne da sunansa na ɓoye da amsar da yake riƙewa. Iyaye shafin suke gani, amma sunayen nan na ɓoye su ne za su zama kanun ginshiƙai ranar da makaranta ta tattara amsoshi cikin jadawali. Fom na iya yin kyau a ido alhali ba ya da amfani ga ofis, idan an yi sakaci da wannan hawa na sama.

A ɗauki misalin wata sakandare a Kano mai aji shida, tana da 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo. Ana fara tsara shafin a Word ko LibreOffice Writer, a bar isasshen fili gaban kowace tambaya, a mayar da shi PDF. Daga nan a buɗe shi a Adobe Acrobat Pro, a shiga `Prepare Form`. Manhajar takan yi ƙoƙarin gano gurabe da kanta, ta ga layi ta ɗora gurbin rubutu, ta ɗauko masa suna daga kalmar da ke kusa. Tana rage aiki, amma takan bar sunaye irin su `Text3` ko `undefined_2`, kuma ba za ta taɓa sanin cewa gurbin aji jerin zaɓi ya kamata ya zama ba. Don haka aikin farko shi ne bin gurabe ɗaya bayan ɗaya ana sauya musu suna zuwa gajeru masu ma'ana, ba tazara, ba harafi mai lanƙwasa:

```
dalibi_suna
uba_suna
uba_waya
aji
jiha
zama
```

Akwai dalilin bambanta `dalibi_suna` da `uba_suna`. A PDF, gurabe biyu masu suna ɗaya gurbi ɗaya ne a wurare biyu. Idan aka kwafi gurbin sunan ɗalibi aka liƙa a sashen uba ba tare da sauya suna ba, duk abin da aka rubuta a ɗaya zai bayyana a ɗayan. Uba ya rubuta sunansa a ƙasa, sunan yarinyarsa a sama ya koma nasa. Wannan shi ne kuskuren da sababbin masu ginawa suka fi yi, kuma alamarsa ba ta ɓuya. Amma dabi'ar tana da amfani idan da gangan aka yi: fom mai shafi biyu zai iya maimaita sunan ɗalibi a saman shafi na biyu ba tare da an sake rubutawa ba.

Jerin zaɓi, wanda Acrobat ke kira `Dropdown`, shi ne maganin "aji ɗaya" da JSS1. Ana zana shi a gaban tambayar, a buɗe `Properties`, a shiga `Options`. A nan akwai wurare biyu da mutane ke rikitawa. `Item` shi ne abin da uba zai gani, `Export Value` kuma shi ne abin da ofis zai karɓa. Ana iya rubuta "Aji 1, ƙaramar sakandare" a na farko, a sa `JSS1` a na biyu, a danna `Add`, a ci gaba haka har zuwa `SS3`. Uba ya karanta Hausa, jadawalin ofis kuma ya samu amsa iri ɗaya daga kowa. Akwai akwatin `Sort items` mai jera zaɓi bisa haruffa. Ya dace da jihohi, amma ga aji gara a jera da hannu yadda suke bi da bi.

Tarkon da ke nan ba ya bayyana sai an fara tattara amsoshi. Zaɓin da aka bari a haskake cikin jerin lokacin rufe `Properties` shi ne zai zama amsar da fom ke zuwa da ita. Idan aka bar JSS1 a haskake, duk uban da ya manta bai taɓa gurbin ba ya yi wa ɗansa rajistar JSS1 ke nan, ko da yaron SS1 zai shiga, kuma ofis ba ya da hanyar bambance wanda ya zaɓa da wanda ya tsallake. Maganin shi ne a sa zaɓi na farko ya zama "Zaɓi aji", a ba shi `Export Value` na ɗan gajeren layi kawai, a bar shi a haskake. Ranar tattarawa, duk inda aka ga layin an san ba a cike ba. Kada a bar wurin babu komai, domin idan ba a ba da `Export Value` ba, manhajar rubutun `Item` ɗin take fitarwa.

Jihar asali ma jerin zaɓi ce mai kyau: jihohi 36 da Abuja, sai a ƙara "Wata ƙasa" saboda yaran da iyayensu suka zo daga Maraɗi ko Damagaram. Ƙaramar hukuma ce ke da rigima. Nijeriya na da guda 774, Kano kaɗai na da 44, ba wanda zai so ya yi ta jan yatsa a kan waya yana neman Dawakin Tofa cikin ɗaruruwa. Ana iya rubuta umarnin JavaScript da zai sa jerin ƙananan hukumomi ya sauya bisa jihar da aka zaɓa, kuma yana aiki lafiya a Acrobat na kwamfuta. Matsalar ita ce manhajojin karanta PDF da yawa na waya ba sa gudanar da irin wannan umarni, sai uba ya zaɓi jiha jeri na biyu ya tsaya wayam. Ga makarantar da yawancin iyayenta da waya za su cike, gurbin rubutu na yau da kullum ya fi aminci a nan, ko da za a sha gyaran rubutu daga baya.

Sai ƙananan akwatunan da ake sa wa alama. Ƙa'idarsu ba ta da wuya: `Check Box` na tambayar da za a iya amsa ta da abu fiye da ɗaya ne, ko ba ko ɗaya. Takardun da aka haɗo, misali, wato takardar haihuwa, hoton ɗalibi, sakamakon firamare da katin rigakafi, kowanne akwatinsa daban da sunansa daban, kamar `tak_haihuwa` da `tak_hoto`. Haka ma sashen lafiya, inda yaro zai iya zama da sikila da asma a lokaci guda. Akwatin da aka sa wa alama yana fitar da `Yes` idan ba a sauya ba, wanda ba a taɓa ba kuma `Off`.

Tambayar kwana ko jeka-ka-dawo daban take, domin amsa ɗaya ce tak. Idan aka yi ta da akwatuna biyu masu suna daban, wani zai sa wa duka alama. Abin da ya dace shi ne `Radio Button`: maɓallai biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, `zama`, ɗaya na fitar da `kwana`, ɗayan `jeka`. Danna ɗaya na goge ɗayan. Lahaninsa shi ne, da zarar an danna, ba a iya mayar da tambayar babu amsa. Masu ƙwarewa kan kauce wa wannan da wata dabara: su yi akwatuna biyu na `Check Box` masu suna ɗaya amma `Export Value` daban. Sai su yi aiki kamar maɓallan zaɓi ɗaya, kuma wanda ya danna bisa kuskure zai iya sake dannawa ya cire.

Wani abu da ya shafi masu rubutun Hausa kai tsaye shi ne haruffa masu lanƙwasa. Salon rubutun da gurabe ke zuwa da shi, Helvetica, ba ya ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ. Uba ya rubuta Ɗanjuma ko Ƙanƙara, harafin farko ya ɓace ko ya koma ɗan akwati, gwargwadon manhajar da ya buɗe da ita. A ƙarƙashin `Appearance` ake sauya salon zuwa wanda ke da haruffan, irin su Noto Sans ko DejaVu Sans, sannan a gwada da suna na gaske. A wurin ne kuma ya kamata a tsayar da girman rubutu a 10 ko 11 maimakon `Auto`, wanda ke sa gajeren suna ya fito ƙato, dogo kuma ya ƙanƙance.

Makarantar da ba ta da kuɗin Acrobat Pro na iya yin kusan duk wannan kyauta a LibreOffice Writer. Ana kunna `Form Controls` daga `View`, a zana `List Box`, `Check Box` da `Option Button`, sannan wajen fitarwa a tabbatar an sa alama a `Create PDF form`. Cikewa kuwa ba ya buƙatar biyan komai, Acrobat Reader na kyauta ya isa.

Kada a dogara da alamar `Required`. Tana zagaye gurbi da jan layi, tana kuma hana aikawa ta maɓallin aikawa na cikin fom, amma ba ta hana uba ajiye fayil rabi a cike ya tura ta WhatsApp. Ya kamata kuma a rubuta a saman fom cewa a ajiye shi da `Save`, domin wanda ya bi ta `Print` ya fitar da sabon PDF ya narkar da guraben cikin shafi, amsoshin suna nan a ido amma manhaja ba za ta iya zaƙulo su ba.

Idan fayiloli suka dawo, umarnin `Merge Data Files into Spreadsheet` na Acrobat Pro zai haɗa su cikin fayil ɗin CSV guda, kowane ɗalibi layi ɗaya, sunayen gurabe a sama. A nan lambar waya ke buƙatar lura. Lambobin Nijeriya guda 11 ne kuma da sifiri suke farawa, don haka gurbinsu na rubutu zai zama, a iyakance shi da `Limit of 11 characters`, kada a ba shi tsarin `Number`. Ko bayan haka, Excel kan cinye sifirin farko idan aka buɗe CSV kai tsaye, sai an shigo da fayil ɗin ta `Data` an ayyana ginshiƙin a matsayin `Text`. Kafin a tura wa iyaye, malamai uku ko huɗu masu wayoyi daban-daban su cike fom ɗin da sunaye masu ƙ da ɗ, ɗaya ya tsallake aji da gangan, a haɗa nasu cikin jadawali a duba ginshiƙi bayan ginshiƙi.