Gajeren Rubutun da ke Cika Ajin Girki

Mai koyar da girki duk Asabar ta ɗora hoton alkaki a Instagram, ta rubuta a ƙasa: “Ku zo ku koyi girki mai daɗi.” Mutane sun danna zuciya, amma ba wadda ta biya kuɗin kujera. Ba a faɗa musu abin da za su yi ba.

Ga yadda ya kamata: “Alkakinki na farfashewa a cikin mai? Asabar ɗin nan, ƙarfe 10 na safe, za mu gyara kwaɓinsa tare. Kujera 12 ce kawai. Turo kalmar ALKAKI ta WhatsApp kafin Alhamis.”

Tambayar na gaba ne saboda Instagram na yanke dogon rubutu, sai an danna a ga sauran. Umarnin kuma guda ɗaya ne. Idan aka ce a kira, a yi sharhi, a tura wa ƙawaye, mai karatu kan bar su duka. Ni dai na fi son kalma ɗaya da ake canzawa kowane mako, domin da ita ake ƙirga saƙon da kowane talla ya jawo. Idan saƙonnin duk “nawa ne?” suke tambaya, to kuɗin ajin ne ba a rubuta ba.