Kama da wane ba ta wane: karatun kwanan wata da adadi a hoton takardar ƙasar waje

A 'yan shekarun nan babu ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ba ya samun hoton takarda a wayarsa daga wata ƙasa: wasiƙar makaranta, takardar kuɗin kaya, ko sakamakon gwajin asibiti na ɗan'uwan da aka fita da shi jinya. Idan takardar ta zo da Turkanci ko Faransanci mukan nemi mai fassara. Amma da zarar ido ya kai ga lambobi sai mu saki jiki, a zatonmu lamba ba ta da yare, alhali kuwa kowace ƙasa da yadda take jera nata.

Mu ɗauki wasiƙar da wata jami'a ta Amurka ta aiko wa ɗalibi, tana cewa ya biya kuɗin rajista kafin 03/04/2024. Mu da muka gaji tsarin Ingilishi, rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, don haka mahaifin yaron zai karanta 3 ga Afrilu. Ba'amurke kuwa da wata yake farawa, abin da yake nufi shi ne 4 ga Maris. Tsakanin karatun biyu akwai kwana 30 cur, kuma ta ɓangaren da ya fi cutarwa, domin mahaifin yana nan yana haɗa kuɗi a natse, wa'adin ya riga ya wuce. Matsalar ba ƙarama ba ce. Duk ranar da ta faɗo daga 1 zuwa 12 ga wata ana iya karanta ta fuska biyu, sai dai inda lambar rana da ta wata suka zo ɗaya, kamar 05/05. Idan aka lissafa, kwanaki 132 ke nan a kowace shekara, wato sama da sulusinta.

To, ina mafita? A ganina kada mai karatu ya tsaya kan cewa ai daga ƙasa kaza takardar ta fito. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba ce, domin ofishi a Kanada na iya bin kowanne daga cikin tsarin, haka nan injin gwaji ƙirar Amurka da aka girka a wata ƙasa na iya buga kwanan wata irin na gidansu. Abin da ya fi tabbas shi ne a sa takardar ta ba da shaida a kan kanta. A duba ko akwai wani kwanan wata a jikinta mai lambar da ta haura 12. Idan a saman wasiƙar an rubuta 01/22/2024 a matsayin ranar da aka fitar da ita, magana ta ƙare, tunda babu wata na 22. Gurbin tsakiya na rana ne, kuma haka za a karanta sauran. Ranar haihuwar mai takardar ma babbar shaida ce, domin mun riga mun san ta, sai mu ga yadda suka jera ta. Idan kuma an ambaci sunan rana, a buɗe kalanda: 4 ga Maris 2024 Litinin ce, 3 ga Afrilu kuwa Laraba.

A nan ne hoto ke yi mana illa. Mai ɗauka yakan kusanto da waya ga layin da ya dame shi kaɗai, ya yanke kan takardar da ƙasanta, wato daidai wuraren da adireshi da hatimi da ranar bugawa suke. Shaidun da za su warware rikicin su ne aka bari a waje. Shi ya sa abu na farko da ya kamata a nema shi ne hoton shafi gaba ɗaya, daga kusurwa zuwa kusurwa.

Sin da Japan da Koriya da shekara suke farawa, sannan wata, sannan rana. Wannan bai cika ruɗarwa ba muddin an rubuta shekarar a cike, kamar 2024-03-04, kuma shi ne tsarin da ƙa'idar ISO 8601 ta tanada tun 1988. Sai an gajarta shekarar ne ake shiga uku: 24/03/04 na iya zama Maris na 2024, ko kuma 24 ga Maris 2004. Layukan nan biyu na ƙasan shafin fasfo ma haka suke, shekara mai lamba biyu ce a gaba.

Sai batun adadi, inda kuskure ke taɓa aljihu kai tsaye. Mu da waƙafi muke raba dubbai, ɗigo kuma ya raba naira da kwabo. Turkiyya da Jamus da Italiya akasin haka suke yi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya ga 4.625,00 a takardar kaya daga Istambul, dala dubu huɗu da ɗari shida da ashirin da biyar ake nufi. Wannan mai sauƙi ne, domin idan alamomin biyu suka haɗu a lamba ɗaya, ta ƙarshen ita ce mai raba cikakken adadi da guntunsa. Kuma ana iya gwadawa: idan layin ya nuna riga 250 a kan 18,50 kowace, a ninka, za a samu 4625 daidai. Duk karatun da lissafin takardar bai amince da shi ba, a yar da shi.

Tarkon gaske shi ne lamba mai alama ɗaya tak da lambobi uku a bayanta. Nauyin kaya 1.250 a takardar Baturke kilo dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, a wurinmu kuwa kilo ɗaya da kwata. Haka 12.500 a rasit ɗin Maraɗi sefa dubu goma sha biyu da ɗari biyar ce, amma a rasit ɗin Kuwait dinari goma sha biyu da rabi ne, saboda dinarinsu ya kasu ne zuwa filsi 1000. Rubutu iri ɗaya, bambanci ninki dubu. Babban taron awo na duniya ya amince a 2003 cewa ɗigo da waƙafi duk halal ne wajen raba guntun adadi, ya kuma nanata cewa tazara kawai za a bari tsakanin dubbai, amma har yau takardun kasuwa ba su bi wannan ba.

Masu zuwa jinya Indiya kuma nasu daban ne. Can bayan lambobi uku na ƙarshe bibbiyu ake rabawa, sai ka ga 12,50,000 a takardar kuɗin tiyata. Wanda ya ƙirga waƙafi biyu zai ce rupi miliyan goma sha biyu da rabi, hankalin dangi ya tashi a banza. A share waƙafin a ƙirga lambobin: bakwai ne, wato miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin.

A takardun Masar da Saudiyya masu lambobin Larabci, sifiri ɗigo ne, biyar kuma ita ce mai kama da sifirinmu. A hoton da ya dushe, sifirin na iya ɓacewa ɗungurum, ko a ɗauke shi ƙura. Idan takardar ta kuɗi ce, a nemi layin da aka rubuta jimillar da kalmomi, kamar yadda muke yi a cek. Idan kuma ta asibiti ce, a kwatanta sakamakon da ma'aunin lafiyayye da akan buga a gefensa, domin hannu ɗaya ne ya rubuta su, da tsari ɗaya. Inda duk waɗannan suka gaza, a mayar wa mai aikowa da tambaya, a rubuta masa sunan watan da haruffa: Maris kuke nufi ko Afrilu?