Gidan Ya Yi Kyau, To Ka Saurare Shi?

Na gaji da kallon finafinan da ake jin injin markaɗe yana kuka a bayan maganar masoya. Idan ka yi ƙorafi sai a ce maka "za a gyara a wurin editin." Wannan magana ta lalata finafinai da dama a Kannywood, kuma tushenta guda ne: ana zaɓen lokeshan da ido kawai, a leƙa falo, a ga kujeru na alfarma, a ce ya yi.

Labarin da aka rubuta shi ke faɗa maka abin da za ka duba. Ɗauki sin guda: falon Hajiya, bayan la'asar, tana yi wa 'yarta magana ƙasa-ƙasa kan aurenta. Tunda an ce bayan la'asar, to lokacin nan za ka je, ba da hantsi ba. Ka rufe ƙofa, kowa ya yi shiru, ka kunna rikoda na minti biyu, sannan ka sa abin ji a kunne. Nan za ka ji abin da kunnenka ya saba da shi har ya daina lura: firji, fanka, 'yan Adaidaita Sahu, ɗaliban Islamiyya da ke karatu a bayan katanga daidai wannan lokaci. Mai editin zai iya rage ƙarar da ke tafiya bai ɗaya, kamar ta fanka. Amma muryoyin yara suna hawa kan muryar Hajiya ne, idan ya kankare su har tata zai taɓa. Ƙarshenta sai an dawo da 'yan wasa su sake ɗora murya, kuɗi biyu kenan saboda lalacin tsayuwar minti biyu. Da damina kuwa ka ɗaga kai: rufin kwano marar silin, yayyafi kaɗan ya tsayar da aiki.

Haske ma lokacin ne. Tagar da ke kallon yamma za ta zubo rana bayan la'asar, hasken yana sauyawa kafin ka gama juya kyamara daga fuskar uwa zuwa ta 'ya. Ko dai ka tanadi labule mai kauri, ko ka nemi wani ɗakin.

Kada ka dogara da wutar NEPA. Tara ƙarfin fitilunka: biyu masu wat 2,000 sun zama 4,000, alhali soket mai amfiya 13 ba ya ɗaukar fiye da kimanin 3,000. Janareta kuma a nemo masa wuri nesa, bayan gini, a auna tsawon wayar tun ranar duba gidan, in ba haka ba kai ka kawo ƙarar da hannunka.

Izini a rubuce, daga mai gidan kansa, don yardar ɗan haya ko maigadi ba ta isa ba. A sa ranaku, awoyi, ɗakunan da za a shiga da wanda zai biya idan an fasa wani abu. Idan za a fito titi, a gaida mai unguwa tun kafin motar kaya ta iso.